Yadda ake ciro adadi daga hoton zanen sanduna a lissafa canjin kashi cikin ɗari tsakanin shekaru

Sau da yawa alƙaluman da mutum yake buƙata a hoto kawai suke zuwa masa. Wani ya turo shafin rahoto ta WhatsApp, ko an ɗauki hoton allo a wajen taro, ko kuwa littafin makaranta ne aka buga zanen sanduna a ciki ba tare da an rubuta adadin kowace sanda a kanta ba. Sandunan suna tsaye, shekaru suna jere a ƙarƙashinsu, kuma tambayar da ake so ka amsa ita ce da kashi nawa cikin ɗari abin ya ƙaru ko ya ragu daga wannan shekara zuwa waccan. Ana iya amsa wannan tambaya da rula da kalkuleta, ko da kwamfuta, muddin mutum ya riƙe abu ɗaya: tsayin sanda ba ya zama adadi sai an gwada shi da lambobin da ke jere a gefen zanen.

Za mu yi aikin da ƙidayar jama'ar Nijeriya, domin alƙalumanta na hukuma suna nan a rubuce, saboda haka idan mun gama za mu iya gwada abin da muka auna da ainihin adadin. Mu ɗauka an ba mu hoton zane mai sanduna uku, ta 1963 da ta 1991 da ta 2006. A gefen hagu akwai layin tsaye mai lambobi daga 0 zuwa 160, ana tsallake ashirin-ashirin, an kuma rubuta cewa a miliyoyi ne. Babu lamba a kan sanda ko ɗaya.

Fara da lambobin gefe

Ido yakan tafi kan sandunan kai tsaye, amma ka tsaya tukuna ka karanta layin tsayen nan. Abu uku kake nema. Na farko, mene ne ake ƙirgawa kuma da wane ma'auni: mutane ne a miliyoyi, ko naira a biliyoyi, ko tan a dubbai? Wannan bayani yakan ɓuya a ƙaramin rubutu a saman layin ko a ƙarƙashin taken zanen, kuma shi ne abin da ake fara yankewa idan mutum ya rage girman hoto kafin ya turo. Na biyu, daga ina lambobin suka fara, daga sifiri ne ko daga wata lamba kamar 40? Za mu dawo kan wannan da kyau, domin a nan mutane suka fi faɗawa rami. Na uku, tazarar lambobin daidai take? Idan ka ga 0, 20, 40, 60 kuma nisan da ke tsakaninsu iri ɗaya ne, to sikelin miƙaƙƙe ne, hanyar da ke ƙasa za ta yi aiki. Idan kuwa ka ga 10, 100, 1000 a jere da nisa iri ɗaya, wannan sikelin logaridim ne, kowane mataki ninki goma ne na wanda ke ƙasansa, kuma lissafin da za mu yi a nan zai ba ka amsar da ba daidai ba idan ka ɗora shi a kansa.

Sannan ka duba layin kwance, inda shekarun suke. A zanenmu sandunan uku suna tsaye da tazara iri ɗaya, alhali daga 1963 zuwa 1991 shekara 28 ne, daga 1991 zuwa 2006 kuma shekara 15. An yi ƙidaya a 1973, amma an soke sakamakonta, shi ya sa babu sandarta. Rubuta waɗannan tazarori biyu a gefen takardarka, za mu buƙace su.

Ƙiyasin ido

Kafin ka ɗauko wani kayan awo, ka ƙiyasta da ido ka rubuta. Sandar 1963 ta tsaya tsakanin 40 da 60, ta ci kusan kashi uku cikin huɗu na tazarar, sai mu ce 55. Ta 1991 tana tsakanin 80 da 100, ta kusa rabi, wato 88 zuwa 90. Ta 2006 tana bisa layin 140 ko ta ɗara shi kaɗan.

Amfanin wannan ƙiyasi shi ne ya zama mai tsaron lissafinka. Idan daga baya awonka ya ce sandar 1991 miliyan 71 ce, nan take ka san akwai inda ka kuskure, tunda idonka ya ga ta wuce 80. Amma ƙiyasin ido shi kaɗai bai isa a rubuta sakamako da shi ba. Idan ka ɗauki 90 da 140, ƙarin zai fito kashi 55.6 cikin ɗari. Idan ka ɗauki 88 da 140, zai fito 59.1. Bambancin miliyan biyu a sanda ɗaya ya motsa amsar da maki uku da rabi.

Awo da rula

Idan zanen a takarda yake, rula ta wadatar. Auna layin tsayen daga 0 zuwa lamba mafi girma. Mu ce ka samu milimita 80 daga 0 zuwa 160. Raba 160 da 80, ka samu 2, wato kowace milimita tana wakiltar mutum miliyan biyu. Yanzu auna kowace sanda daga layin sifiri zuwa samanta. Idan ta 1991 ta ba ka milimita 44.5, adadinta 89 ke nan. Idan ta 2006 ta ba ka milimita 70, adadinta 140.

Dalilin da ya sa ake auna dukan layin maimakon tazara ɗaya, kamar daga 0 zuwa 20, shi ne kuskuren hannu. Tazara ɗaya milimita 10 ce kacal. Idan ka kuskure da rabin milimita a kanta, kuskuren kashi 5 cikin ɗari ne, kuma zai bi kowace sanda da ka lissafa da shi. Wannan rabin milimitar a kan 80 bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Kar kuma ka ɗora rula a fuskar waya, domin da zarar yatsanka ya taɓa gilashin hoton zai zuƙo ko ya zame, awon farko da na biyu su daina zama a sikeli ɗaya ba tare da ka lura ba.

Awo a kwamfuta

Hoto a kwamfuta tarin ƙananan ɗigogi ne da ake kira fiksal, kuma kowane ɗigo yana da lambar wurinsa. Idan ka buɗe hoton da Paint na Windows, duk inda ka kai kibiyar maus za ka ga lambobi biyu a ƙasan allon ta hagu. Ta farko nisa ne daga gefen hagu, ta biyu nisa ne daga sama. Ta biyun muke so. Ka lura da kyau, daga sama ake ƙirga ta, saboda haka doguwar sanda ƙaramar lamba take bayarwa a samanta, gajeriya kuma babbar lamba.

Zuƙo hoton sosai har sai ka fara ganin ɗigogin ɗaya-ɗaya. Kai kibiya tsakiyar layin 0, mu ce ka ga 620. Kai ta tsakiyar layin 160, mu ce 60. Tsakaninsu fiksal 560, kuma 560 a raba da 160 ya ba da 3.5, wato kowane miliyan ɗaya fiksal uku da rabi ne.

Kafin ka wuce, gwada hoton kansa. Idan sikelin lafiya yake, kowane ashirin zai ci fiksal 70, sai layin 20 ya faɗo a 550, na 40 a 480, na 80 a 340, haka har sama. Duba biyu ko uku daga cikinsu. Idan ka tarar tazarar ƙasa 74 ce, ta sama kuma 66, to a karkace aka ɗauki hoton, wayar ta fi kusa da gefe ɗaya na takardar. Haka nan ka duba layin sifiri a ƙarƙashin sandar farko da ƙarƙashin ta ƙarshe. Idan a hagu 620 ne a dama kuma 631, hoton ya jirkice. Mafi sauƙi shi ne a sake ɗaukar hoton, takarda a shimfiɗe, waya a saitin tsakiyarta. Idan hakan ba zai yiwu ba, to ka bar sikelin gaba ɗaya, ka auna kowace sanda da layukan kwance biyu da suka sa samanta a tsakiya, a daidai wurin da sandar take tsaye.

To, hotonmu lafiya yake. Kai kibiya saman kowace sanda. Mu ce ta 1963 ta ba da 425, ta 1991 ta ba da 309, ta 2006 ta ba da 128. Cire kowace lamba daga 620 ka samu tsayin sandar: 195 da 311 da 492. Raba kowanne da 3.5, sai ka samu miliyan 55.7, da 88.9, da 140.6. Duka ukun sun dace da ƙiyasin idon da muka rubuta tun farko.

Ga lissafin a dunƙule, yadda zai yi aiki ko da sikelin bai fara daga sifiri ba. `A` ita ce lambar ƙasa a sikeli, `B` ta sama, `yA` da `yB` wurarensu a hoto, `y` kuma saman sandar:

```
adadi = A + (yA - y) * (B - A) / (yA - yB)
```

Idan sandunan suna da yawa, akwai manhajar WebPlotDigitizer da ake buɗewa a burauza. Kana nuna mata wurare biyu a sikeli ka faɗa mata lambobinsu, sannan ka danna saman kowace sanda, ita kuma ta fitar da adadin. Wannan lissafi na sama shi take yi, don haka idan ka ba ta hoto karkatacce ko ka danna layin da ba shi ba, amsar da ba daidai ba za ta ba ka, da lambobi masu yawa bayan ɗigo kamar ta tabbata.

Lissafin canjin

Ɗauki adadin shekarar baya-bayan nan, cire na tsohuwar shekara, raba abin da ya rage da na tsohuwar shekara, ninka da ɗari.

```
canji = (sabo - tsoho) / tsoho * 100
```

Daga 1991 zuwa 2006, 140.6 a cire 88.9 saura 51.7. Raba 51.7 da 88.9, ka samu 0.582, wato ƙarin kashi 58.2 cikin ɗari. Daga 1963 zuwa 1991, 88.9 a cire 55.7 saura 33.2, a raba da 55.7, ya ba da kashi 59.6. A Excel, idan tsohon adadin yana `B2` sabon yana `B3`, rubuta `=(B3-B2)/B2` sannan ka danna alamar `%`. Idan amsa ta fito da alamar ragi a gabanta, raguwa aka samu, ka rubuta ta a matsayin raguwa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne rabawa da sabon adadin. Wanda ya raba 51.7 da 140.6 zai samu 36.8, kuma lambar tana da kama da amsa mai ma'ana, shi ya sa take wucewa ba a kama ta ba. Ɗan kasuwar da ya sari buhu a naira dubu goma ya sayar dubu goma sha biyar ya san ribarsa rabin uwar kuɗi ce, domin da kuɗin sari yake gwadawa. Tsohuwar shekara ita ce uwar kuɗi. Hanyar tabbatarwa kuwa mai sauƙi ce: ɗora amsarka a kan tsohon adadin ka ga ko za ta kai ka sabon. Ninka 88.9 da 1.582, za ka samu 140.6. Ninka shi da 1.368, sai ka tsaya wajen 121.6, kuma sandar 2006 ta wuce nan nesa.

Lambobi nawa ya kamata ka rubuta bayan ɗigo

Nan ne nake ganin ya fi cancanta a daɗe. Saman sanda a hoto ba kaifi gare shi ba, musamman hoton da ya bi ta WhatsApp aka matse shi. Idan ka zuƙo za ka ga layi biyu ko uku na ɗigogi masu dishi-dishi tsakanin launin sandar da farin takarda. Kai ka zaɓi 309, wani zai zaɓi 308 ko 310, kuma babu wanda ya yi laifi a cikinku. Abin yi shi ne ka auna yadda wannan fiksal guda yake girgiza amsar.

Ɗauki mafi ƙarancin abin da zai iya fitowa: sandar 2006 ta zama 491, ta 1991 ta zama 312. Raba 491 da 312, ka samu 1.574, ƙarin kashi 57.4 ke nan. Ɗauki mafi yawa: 493 a kan 310, ya ba da 1.590, kashi 59.0. Saboda haka abin da hoton ya iya shaida maka shi ne ƙarin yana tsakanin 57.4 da 59.0. Rubuta 58.2 tamkar ka tabbatar da wannan biyun da ke bayan ɗigo ya wuce abin da ka sani. Abin da ya dace a rubuta shi ne kimanin kashi 58 cikin ɗari, tare da faɗin cewa daga zane aka auna.

Yanzu mu gwada da alƙaluman hukuma. Ƙidayar 1991 ta ba da mutum 88,992,220, ta 2006 kuma 140,431,790. Bambancinsu 51,439,570, wanda idan aka raba da adadin 1991 ya zama kashi 57.8 cikin ɗari. Awonmu ya ce 58.2, kuma ainihin amsar ta faɗo cikin tazarar da muka fitar. Kimanin 58 ɗin da muka rubuta ta tsaya da ƙafarta.

Wannan girgiza ta fi muni a gajerun sanduna da kuma ƙananan canje-canje. Fiksal ɗaya a sanda mai tsayin 311 bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma a sanda mai tsayin 20 kashi 5 ne cur. Haka nan idan sanduna biyu sun bambanta da fiksal biyu kacal, ba ka da hurumin cewa an samu ƙarin kashi kaza, iyakar abin da za ka ce shi ne kusan ɗaya suke. A irin wannan hali ka nemi teburin alƙaluman da aka yi zanen da shi. Yawancin rahotanni suna ajiye shi a shafi na gaba ko a ƙarshen littafin, kuma idan ya samu babu sauran buƙatar awo.

Idan sikelin bai fara daga sifiri ba

Wataƙila ka lura a sama mun raba tsayin sanda da tsayin sanda kai tsaye, 491 da 312, ba tare da mun mayar da su miliyoyi ba. Wannan gajeriyar hanya tana aiki ne kawai saboda sikelinmu ya fara daga 0. Mu ga abin da ke faruwa idan mai zanen ya fara daga 40 ya tsaya a 160, a cikin fiksal 560 ɗin nan dai. Yanzu 120 ne ke cike tsayin, kowane miliyan yana cin fiksal 4.67. Sandar 1991 za ta tashi fiksal 229, ta 2006 kuma 469. Mai kallo zai ga ta biyun ta ninka ta farko har da ɗori, kuma wanda ya raba 469 da 229 zai samu 2.05, ya rubuta cewa jama'a sun ƙaru da kashi 105 cikin ɗari. Alƙaluman ba su canza ba, an dai datse miliyan 40 daga gindin kowace sanda.

Gyaran shi ne a mayar da abin da aka datse. Raba 229 da 4.67 ka samu 49, ƙara 40, ya zama 89. Raba 469 da 4.67 ka samu kimanin 100.4, ƙara 40, ya zama 140.4. Canjin ya dawo wajen kashi 58. Wannan shi ne aikin `A` a lissafin da muka rubuta a baya. Wani lokaci mai zane yakan rubuta 0 a ƙasa, sannan ya sa 'yar alamar karyewa a layin ya yi tsalle zuwa 40. A nan kar ka yi amfani da sifirin wajen auna sikeli, ɗauki lambobi biyu da suke sama da karyewar.

Shekara 28 da shekara 15

Mun samu kimanin 60 a zangon farko da kimanin 58 a na biyu, sai mutum ya ɗauka saurin ƙaruwar iri ɗaya ne. Amma na farko ya ɗauki shekara 28, na biyu 15. Don a kwatanta su sai an mayar da kowanne zuwa ƙarin shekara guda. Raba 58 da 15 ka ce kashi 3.9 a shekara ba daidai ba ne, domin ƙarin kowace shekara yana hawa ne a kan jimillar da ta riga ta ƙaru bara. Lissafin da ya dace a Excel shi ne:

```
=(B3/B2)^(1/15)-1
```

Lambar 15 ita ce yawan shekarun da ke tsakani, a canza ta zuwa 28 ga zangon farko. Da alƙaluman da muka auna, 1991 zuwa 2006 ya ba da kimanin kashi 3.1 a shekara, 1963 zuwa 1991 kuma kimanin 1.7. Bambanci mai faɗi haka ya kamata ya sa mai rubutu ya dakata, domin an daɗe ana jayayya a kan alƙaluman ƙidayar Nijeriya, musamman na 1963 da mutane da yawa suke ganin an kumbura su. Lissafinmu yana faɗin abin da sandunan suka nuna ne kawai, ingancin ƙidayar kanta wata magana ce daban, kuma ya dace a ambata ta a gefen sakamakon.

Wasu zanukan da ke buƙatar kula

Idan sandar hawa-hawa ce, launi bisa launi, kamar maza a ƙasa mata a sama, ɓangaren ƙasa ne kaɗai ya taso daga sifiri. Adadin ɓangaren sama shi ne karatun samansa a cire karatun gindinsa. Zane mai kauri irin na akwati kuma yana da gefen gaba da gefen baya a saman kowace sanda, ka zaɓi ɗaya ka riƙe shi a duk sandunan, kuma ka faɗaɗa tazarar kuskuren da kake ba kanka.

Idan abin da sandunan ke nunawa shi kansa kashi ne cikin ɗari, sai a yi hattara da lafazi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana hauhawar farashi a Nijeriya a matsayin kashi 21.34 a Disambar 2022, da 28.92 a Disambar 2023. Bambancinsu 7.58, kuma sunansa maki, wato hauhawar ta tashi da maki 7.58. Idan aka bi lissafin canji aka raba 7.58 da 21.34, sai a samu kashi 35.5. Duka biyun daidai ne, amma abu biyu daban suke faɗa, kuma mai karatu da ya ga 35.5 ba tare da bayani ba zai ɗauka farashin kaya ne ya tashi da haka. A irin wannan zane, maki ya fi dacewa a rubuta.

Daga ƙarshe ka tabbatar sandunan biyu abu ɗaya suke aunawa. Idan zanen na jihohi ne, ka tuna an ƙirƙiri Zamfara daga Sakkwato a 1996, kamar yadda aka fitar da Gombe daga Bauci da Nasarawa daga Filato a shekarar. Sandar da aka rubuta wa Sakkwato 1991 tana iya haɗawa da mutanen Gusau da Ƙauran Namoda, ta 2006 kuma babu su. Duba ƙaramin rubutun ƙarƙashin zanen ko an daidaita alƙaluman 1991 da iyakokin yanzu. Idan ba a daidaita ba, sai ka haɗa sandar Sakkwato da ta Zamfara na 2006 wuri ɗaya, sannan ka kwatanta jimillarsu da ta 1991.